Idan zagayen fidbak suka sarƙe da juna, wanne ake matsarwa?

Tambaya: Malam, ina aji huɗu a sashen injiniyan lantarki. An ba mu zanen akwatuna na sarrafa moton DC mai zagayen fidbak huɗu, mahaɗa biyar da ɗigon ɗiba uku. Na san G/(1+GH), amma na rasa ta inda zan fara, domin zagaye biyu na ciki sun shiga juna. Mu uku muka yi, amsa uku muka samu. Yaya ake matsar da mahaɗa ko ɗigo ba tare da an ɓata lissafi ba, kuma ta yaya zan gane wace amsa ce daidai?

Amsa: Ƙanena, ajiye biro tukuna ka ɗauki fensir mai launi. Ka bi kowane zagaye da yatsa daga ɗigon da aka ɗebi sigina har zuwa mahaɗar da ta koma, ka ja masa baka a ƙarƙashin zanen. Za ka ga iri biyu. Akwai zagayen da ke zaune cikin wani gaba ɗaya, kamar kwanukan samira da ake jera ƙarami cikin babba. Waɗannan ba su da wahala, daga na ciki ake farawa a fito waje. Akwai kuma waɗanda bakansu ya gitta na juna kamar zoben sarƙa: rabin wannan yana cikin wancan, rabinsa yana waje. Dokar G/(1+GH) ba ta aiki a kan irin waɗannan sai an raba su, domin sharaɗinta shi ne tsakanin mahaɗa da ɗigo kada wata sigina ta shigo, kada kuma wata ta fita. A zanen moto wuri ɗaya ne kawai aka sami wannan sarƙewa, kuma matsi ɗaya ne yake warware ta. Duk rigimarku a kan wannan matsin take.

Bari in shimfiɗa tsarin da lambobi, domin da haruffa zalla mutum yana iya yin kuskure bai ji a jikinsa ba. Na zaɓi lambobin ne don lissafi ya fita sumul: R = 1, L = 0.01, J = 0.01, b = 0.01, sannan Kt = Ke = 0.1. Kwanturololin uku duk na ninkawa ne kawai, Kp = 5 na kusurwa, Cw = 2 na gudu, Ci = 4 na karent, kuma na ɗauka na'urorin auna karent, gudu da kusurwa duk ninkinsu 1 ne.

```
θref →(S1)→ Kp →(S2)→ Cw →(S3)→ Ci →(S4)→ Ga →•I→ Kt →(S5)→ Gm →•ω→ 1/s →•θ

S1: −θ    S2: −ω    S3: −I    S4: −Ke·ω    S5: −TL
Ga = 1/(Ls+R) = 100/(s+100)
Gm = 1/(Js+b) = 100/(s+1)
```

Dubi S3 da S4. Zagayen karent yana ɗiba a ɗigon I ya koma S3. Shi kuwa Ke·ω, wato boltej ɗin da moto ke haifarwa da kansa idan yana juyi, wanda ke tura wa boltej ɗin da aka ba shi baya, ana ɗibarsa a ɗigon ω ya koma S4. To S4 tana cikin zagayen karent, amma ɗigon ω yana wajensa. Ga sarƙar nan. Kuma ba malaminku ne ya ƙirƙiro ta don ya wahalar da ku ba, haka moton yake a zahiri: kwanturola ta karent tana zaune a gaban wayoyin moto, boltej ɗin juyi kuwa a cikin wayoyin yake tasowa.

Kafin matsi, abu ɗaya nake so ya zauna maka. Kada ka haddace teburin nan na dokoki da ake bugawa, wanda ke cewa nan a ninka, can a raba. Wanda ya haddace shi, ranar jarrabawa sai gaba da baya su rikice masa. Ka tambayi kanka tambaya ɗaya a kowane matsi: siginar nan, daga inda ta taso zuwa inda ta nufa, me da me aka ninka ta da shi kafin in taɓa zanen? Bayan na taɓa dole ya zama shi ɗin ne dai. Idan sabuwar hanya ta sa ta ratsa akwatin da a da ba ta ratsawa, sai ka raba ta da shi tun a reshenta. Idan ta daina ratsa akwatin da a da take ratsawa, sai ka ninka ta da shi. Dokokin teburin duka daga nan suka fito. Ka kuma tuna cewa ɗigo ba kamar mararrabar ruwa ba ne a gonar rani, inda kowace kwata ke rage wa 'yar'uwarta. Sigina ba ta raguwa don an ɗiba. Ko rassa goma aka fitar daga ω, kowanne cikakken ω yake ɗauke da shi.

Hanyoyi biyu ne a gabanka. Ko ka janye S4 baya ta tsallake Ci ta je kusa da S3, ko ka tura ɗigon I gaba ya je ya haɗu da ɗigon ω. Ni ta farko nake bi, kuma zan nuna maka dalili idan mun zo kan TL, wato nauyin kayan da moto ke ɗauka.

A S4, abin da ke shiga Ga shi ne Ci·(I* − I) − Ke·ω, inda I* shi ne karent ɗin da Cw ta nema. Idan ka fitar da Ci waje, zai zama Ci·(I* − I − (Ke/Ci)·ω). Shi ke nan, matsin ya ƙare: reshen da ke ɗauke da Ke yanzu yana ɗauke da Ke/Ci, wato 0.1/4 = 0.025, kuma yana shiga kafin Ci. Yanzu mahaɗa biyu suna maƙwabtaka babu akwati ko ɗigo a tsakaninsu, don haka kana da ikon sauya musu wuri, tunda a − b − c daidai yake da a − c − b. Ka sa ta karent a ciki, ta Ke/Ci a waje. Sarƙa ta koma kwanukan samira.

A nan akwai wani gwaji da ba ya cin ko minti ɗaya, kuma da shi nake kama yawancin kurakuran ɗalibai tun kafin in duba lissafinsu. Kowace mahaɗa tana da ma'auninta. A S4 bolt ake tarawa. A S3 amfiya ake tarawa. Ke·ω bolt ne, to ba shi da izinin shiga S3 sai an mai da shi amfiya. Ci tana karɓar amfiya ta ba da bolt, ma'auninta bolt bisa amfiya ke nan, saboda haka raba bolt da Ci ne zai ba ka amfiya. Wanda ya ninka maimakon ya raba zai sami kansa yana tara amfiya da wani abu da ba shi da suna. Ka riƙa rubuta ma'auni da ƙananan haruffa a saman kowace kibiya tun daga farko.

Sauran aikin saukowa ne daga tudu. Zagayen karent:

```
Gi = Ci·Ga/(1 + Ci·Ga) = 400/(s+500)
```

Ka lura da abin da ya faru: wayoyin moto da kansu suna da saiwa a −100, zagayen karent ya kai ta −500, wato karent yana bin umarni da sauri ninki biyar. Don wannan ake sa zagayen tun asali. Yanzu Gi, Kt da Gm suna jere, idan mun ɗauka TL = 0 a wannan zagon, don haka sai a ninka su, a sami 4000/((s+500)(s+1)). A rufe da 0.025. Ga wata dabara da za ta rage maka rubutu: idan hanyar gaba N/D ce, fidbak ɗin kuma lamba ce H, amsar ita ce N/(D + N·H) kai tsaye, ba sai ka yi kaso bisa kaso ba. A nan D = s² + 501s + 500, N·H kuma 4000 × 0.025 = 100.

```
G2 = 4000/(s² + 501s + 600)
G3 = 8000/(s² + 501s + 8600)
T  = θ/θref = 40000/(s³ + 501s² + 8600s + 40000)
```

G3 shi ne bayan an ninka da Cw = 2 an rufe zagayen gudu, T kuma bayan an ninka da Kp = 5 da 1/s an rufe na kusurwa. Ɗigon ω mai rassa biyu bai hana komai ba, domin duka rassan daga wuri ɗaya suke fita, kana iya zana su a matsayin ɗigo biyu a jere ka rufe na ciki tukuna.

Yanzu ga abin da nake zaton ya raba ku uku. Wanda ya janye S4 ya manta bai raba da Ci ba, zai rufe da 0.1, ya sami 900 a inda muke da 600, a ƙarshe 8900s maimakon 8600s. Wanda ya ninka da Ci zai rufe da 0.4, ya sami 2100, a ƙarshe 10100s. Ka duba takardunku, ina kyautata zaton za ka tarar da ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da ya sa kuskuren ke da wuyar kamawa shi ne duka amsoshin uku suna da kyan gani. Dukkansu s³ ne, dukkansu 501s², dukkansu 40000 sama da ƙasa. Idan ka sa s = 0 a T, kowacce 1 za ta ba ka, saboda 1/s da ke cikin zagayen waje yana share duk bambancin da ke ciki idan abu ya lafa. Don haka gwajin s = 0 a kan amsar ƙarshe ba shaida ba ce a irin wannan tsari. A tsakiya ake yin sa, a kan G2, inda intigireta bai shigo ba tukuna.

Ga yadda ake yi. G2 a s = 0 yana cewa 4000/600, wato kusan 6.67: idan an nemi amfiya ɗaya, moto zai daidaita a gudun radiyan 6.67 a daƙiƙa. Ka rufe zanen da ka rage, ka koma kan moton kansa. Idan komai ya lafa, ƙarfin juyi Kt·I daidai yake da gogayya b·ω, don haka ω = 10·I. Boltej ɗin da Ci ke bayarwa 4·(1 − I) ne. Boltej ɗin juyi 0.1 × 10·I ne, wato I. Tunda R = 1, karent shi ne abin da ya rage: I = 4 − 4·I − I, wato 6·I = 4, I = 2/3, ω = 6.67. Ya yi daidai da 600. Mai 900 zai sami 4.44, mai 2100 zai sami 1.90, kuma lissafin firamare ya isa ya nuna musu moton bai yarda ba.

Sai hanya ta biyu, wadda nake so ka fahimta sosai domin a nan ne rami yake. Idan ka tura ɗigon I gaba zuwa ω, siginar ta ratsa Kt da Gm da a da ba ta ratsawa, to sai a raba ta da su: reshen karent ya zama 1/(Kt·Gm) = (s+1)/10. Yanzu zagayen Ke ne a ciki. Ga·Kt·Gm shi ne 1000/((s+100)(s+1)), a rufe da 0.1 a sami 1000/(s² + 101s + 200). A ninka da 4, a rufe da (s+1)/10: ƙasa ya zama s² + 101s + 200 + 400(s+1), wato s² + 501s + 600. G2 ɗinmu ne sak. Yin aiki ta hanya biyu a sami abu ɗaya shaida ce mai ƙarfi, kuma idan kana da lokaci a jarrabawa ka yi hakan.

Amma ka sake duba hanyar da ɗigon ya bi. Tsakanin I da ω ba akwatuna ne kaɗai ba, akwai S5, inda nauyin kaya TL ke shigowa. Ɗigon ya tsallake mahaɗa. Mun tsira ne kawai don mun ɗauka TL = 0. Gaskiyar lissafin ita ce ω = Gm·(Kt·I − TL), don haka I = (ω/Gm + TL)/Kt. Wannan TL/Kt ɗin shi ne karent ɗin da moto ke ja don ya ɗauki kaya, kuma na'urar auna karent tana ganinsa. Idan ka matsar da ɗigo ka bar shi a baya, ka zana moton da na'urarsa ba ta ganin karent ɗin kaya. Akan iya tsallake mahaɗa da ɗigo, amma sai an ƙara sabuwar mahaɗa a kan reshen don a mayar da abin da aka yi asara, kuma zanen yakan fi na da cunkushewa. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibaina: akwati ana tsallake shi, mahaɗa tana tsallake mahaɗa, ɗigo yana tsallake ɗigo, amma ɗigo da mahaɗa kada su gitta juna muddin akwai wata hanya.

Don ka ga girman ɓarnar, mu nemo θ/TL. Ana sa θref = 0, a bi daga S5. Amsar daidai ita ce:

```
θ/TL = −100(s+500)/(s³ + 501s² + 8600s + 40000)
```

Ƙasan bai canza ba, kuma ba zai taɓa canzawa ba ko ta wace ƙofa ka shiga, domin zagayen tsarin ne ke ƙayyade shi. Idan ka sami ƙasa daban ga θref, daban ga TL, akwai kuskure a ɗayansu. A s = 0 muna da −50000/40000 = −1.25. Wato kayan da ke buƙatar ƙarfin juyi 0.1 zai janye shaft da radiyan 0.125, kimanin digiri 7. Gwada shi da hannu: shaft a tsaye, ω = 0, moto na buƙatar amfiya 1 don ya riƙe kayan, hakan na buƙatar bolt 1, Ci na buƙatar gibin 0.25 don ta ba da bolt 1, don haka I* = 1.25, Cw na buƙatar 0.625, Kp na buƙatar 0.125. Ya fita. Wanda kuwa ya bi hanya ta biyu ya bar TL a S5 kamar ba abin da ya faru zai sami (s+100) a sama maimakon (s+500), ya ce radiyan 0.025 ne, ƙasa da digiri ɗaya da rabi. Ya rage matsalar ninki biyar, alhali T ɗinsa daidai yake har harafin ƙarshe.

Na ga wannan da idona a aikin kammala karatu na wasu ɗalibai biyu da na duba. Ƙaramin hannu ne suka haɗa da moto, aka rataya masa ƙarfe a baki. A takarda sun ce zai sunkuya kaɗan ƙwarai. Da aka rataya ƙarfen, sai allurar da suka manna a shaft ta sauka ta wuce alamar da suka yi da jan biro nesa ba kusa ba. Kwana biyu suna zargin na'urar auna kusurwa, har sun canza ta. Da muka buɗe littafinsu na lissafi, a shafi na biyu ga kibiyar karent an ɗauke ta an kai ta bayan S5, an rubuta 1/(Kt·Gm) da kyakkyawan rubutu, babu TL a ko'ina a kan reshen. Abin ya dame ni, domin yaran sun yi aiki tuƙuru, kuma babu wanda ya taɓa gaya musu cewa zanen da aka rage don wata ƙofar shiga ba lallai ya yi wa wata ƙofar aiki ba.

Gwaji na ƙarshe shi ne dokar Mason, wadda Samuel Mason na MIT ya fitar a 1953 ya kuma ƙarasa a 1956. Amfaninta a nan shi ne ba ta bukatar ka matsar da komai, don haka ba za ta gaji kuskurenka ba. A kan zanen asali kake aiki. Ka lissafo ninkin kowane zagaye tare da alamarsa:

```
L1 = −Ci·Ga               = −400/(s+100)
L2 = −Ga·Kt·Gm·Ke         = −100/((s+100)(s+1))
L3 = −Cw·Ci·Ga·Kt·Gm      = −8000/((s+100)(s+1))
L4 = −Kp·Cw·Ci·Ga·Kt·Gm/s = −40000/(s(s+100)(s+1))
```

Duka huɗun suna ratsa Ga, wato suna taɓa juna, don haka Δ = 1 − (L1 + L2 + L3 + L4), babu wani ƙari. Ka ninka da s(s+100)(s+1) ka tattara masu s ɗaya: 100 daga moton kansa, 400 daga zagayen karent, 100 daga Ke, 8000 daga zagayen gudu. Jimla 8600. Abin da nake so a wannan gwajin shi ne yana nuna maka daga ina kowace lamba ta fito. Ka dubi L2: babu Ci a cikinsa. To duk amsar da Ci ta maƙale wa Ke a ƙarshe, an yi kuskure wajen matsi. Kuma Mason ne ke bayyana (s+500) ɗin nan na θ/TL a sarari: hanyar da ta tashi daga S5 zuwa θ ba ta taɓa zagayen karent, don haka ana ninka ta da 1 − L1, wanda shi ne (s+500)/(s+100).

Hattara da abu ɗaya a Mason. Wasu malamai sukan zana Gm a buɗe, wato 100/s da ɗan zagayensa na gogayya b. Idan haka naku yake, an sami zagaye na biyar, L5 = −1/s, kuma wannan bai taɓa L1 ba. Dole a ƙara L1·L5 a cikin Δ. Wanda ya manta da shi zai rasa 400s, ya sami 8200 maimakon 8600. A wajen rage akwatuna wannan ninkin da kansa yake fitowa, a Mason kuwa sai ka neme shi da ido. Shi ya sa hanyoyin biyu suke tsaron juna: inda ɗaya ke da rauni ɗayar ba ta da shi.

Idan kuna da MATLAB a ɗakin gwaji, ga matakan:

```
s = tf('s');
Ga = 100/(s+100); Gm = 100/(s+1);
Kt = 0.1; Ke = 0.1; Ci = 4; Cw = 2; Kp = 5;
Gi = feedback(Ci*Ga, 1);
G2 = feedback(Gi*Kt*Gm, Ke/Ci);
G3 = feedback(Cw*G2, 1);
T  = feedback(Kp*G3/s, 1)
```

Ka yi amfani da `feedback`, kada ka rubuta `G/(1+G*H)` da hannu, domin na biyun yana barin saiwoyi masu maimaituwa sama da ƙasa, sai ka ga darajar s ta kumbura, sai an bi da `minreal` kafin ta dawo. Amma ka sani wannan rubutun ba ya gwada matsinka, tunda kai ne ka ba shi Ke/Ci. Idan ka ba shi Ke·Ci zai karɓa ba musu. In kana so kwamfuta ta zama shaida ta gaskiya, ka sa wa kowace sigina suna ka haɗa zanen asali da `sumblk` da `connect`, ko ka zana shi a Simulink yadda aka ba ku, sannan ka kwatanta.

T ɗin da muka samu yana da saiwa ɗaya can nesa a kusan −483, da biyu a kusan −8.8 ± 2.3j, waɗanda su ne ke tafiyar da motsin da za ka gani da ido. Lissafin Routh kuma zai ce tsarin ba zai fara tangaɗi ba sai 8000·Kp ya wuce 501 × 8600, wato Kp wajen 538. Kada ka ɗauki wannan lambar ka kai ta kan moto. Duk abin da muka yi ya rataya ne a kan cewa kowane akwati ninkawa yake yi kawai, ba ya da iyaka. A moton gaske akwai iyakar karent bayan Cw, akwai iyakar boltej bayan Ci, domin batir ko wutar da ke ciyar da shi ba ta wuce abin da take da shi. Da zarar an zana akwatin iyaka tsakanin Ci da S4, matsin da muka yi ya haramta, saboda fitar da Ci waje da muka yi ya dogara ne da cewa ninkin jimla daidai yake da jimlar ninki, akwatin iyaka kuwa bai san wannan doka ba. A irin wannan hali amsarmu tana aiki ne ga ƙananan motsi da ba su kai iyaka ba, manyan kuwa sai a kwaikwaye su a kwamfuta da zanen asali.

Haka kuma akwatin Ke/Ci na takarda ne. Babu wayar da ke ɗauke da 0.025·ω a cikin injin, kuma siginar da ke fita daga sabuwar mahaɗar ba gibin karent ba ce. Idan tambaya ta gaba ta ce ka nemo boltej ɗin da ke fita daga Ci, ko gibin da ke fita daga S3, kada ka karanto shi daga zanen da ka matsar. Ka koma zanen asali, ka ɗauki θ da ka riga ka samu ka bi baya: ω = s·θ, I = (ω/Gm + TL)/Kt, boltej kuma I/Ga + Ke·ω.

Idan an ba ku Ci mai intigireta a ciki, kamar (4s + 400)/s, matakan ba su canza ba. Reshen da aka matsar zai zama 0.1s/(4s + 400), wanda yake sifili a s = 0, kuma G2 a s = 0 zai zama 10 maimakon 6.67, domin yanzu I yana kai wa I* cif, ω kuma 10·I ne. Ka fara gwada wannan lambar kafin ka ci gaba zuwa zagayen gudu.